Shawarar jariri dabam, ta babba dabam: mu daina jiran ranar suna

Jama'a, a kwanan baya wata mai sayar da albasa daga wajen Malbaza ta kira mu a gidan rediyo tana kuka. Jikanta ya zo duniya ranar Litinin. Ranar Talata da safe aka ga idonsa ya yi rawaya, tsofaffi suka ce shawara ce, kowane ɗa yana yin ta, a bari a yi suna. Ranar Asabar yaro ya ƙi kama nono, yana kuka mai tsini, yana banƙare wuya da baya. Da aka kai shi likita an ceto ransa, amma an ce da wuya ya ji magana. Wannan ne ya sa muka ɗauki alƙalami.

Tsofaffin ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Fiye da rabin jarirai sukan yi ɗan rawaya, domin jininsu na cikin ciki yana narkewa, yana sakin wani launi da hanta ce ke fitar da shi, hantar kuwa ba ta gama ƙwari ba. Irin wannan takan fito a kwana na 2 ko na 3, ta wuce kafin sati biyu, yaro na shan nono lafiya lau. Amma idan launin ya yi yawa sai ya hau ƙwaƙwalwa, ya bar kurumta ko shanyewar jiki har abada.

To, yaya za a bambance? A duba lokaci, a duba wuri. Rawayar da ta fito tun yaro bai cika kwana ɗaya ba, kamar ta jikan baiwar Allah nan, haɗari ce. Haka wadda ta sauko daga fuska ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, ko ta wuce sati biyu, ko kashin yaro ya yi fari. Bakwaini kuwa, ko kaɗan aka gani a kai shi.

Mu a ganinmu, babbar matsalarmu ita ce ɗakin jego. Ana rufe uwa da ɗa cikin duhu, an naɗe shi da zannuwa, baƙar fata kuma ba ta saurin nuna launi. Don haka kowace safiya har ranar suna a fito da shi wurin haske, a danna goshi ko hanci da yatsa a saki, a duba farin ido da dasashi. A yawaita ba shi nono, sau 8 ko fiye a dare da rana, domin ta kashi launin ke fita. Kada a ba shi jiƙo ko ruwan sukari, kada a shanya shi a rana. A kuma raba kayansa da kafur ɗin da muke jefawa cikin akwati, don yana fasa jinin wasu jarirai. Maganin likita shi ne a kwantar da yaro ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila, kuma ba kowane ƙaramin asibiti ke da ita ba. Idan aka tura ku Ƙonni, Galmi ko Tawa, kada ku koma gida yin shawara da dangi.

Babba kuwa, ba shi da shawarar da za a ce ba komai. Ido rawaya da fitsari kamar shayi alama ce kawai, ciwon yana wani wuri: ko ciwon hanta, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko sikila, ko tsakuwa ta toshe hanyar matsarmama. Kowanne da maganinsa, kuma gwajin jini ne ke raba su. Mun san saiwar rawaya da ake jiƙawa a kasuwanninmu, amma mai sayar da ita bai san wanne ke damunka ba. Ɗan kasuwar da ke shan jiƙo yana haɗawa da ƙwayoyin tebur, ƙara wa hanta kaya yake yi. Ciwon hanta nau'in B yakan zauna shekaru shiru kafin ciki ya kumbura.

Mata masu ciki su fi kowa kiyayewa. A shekarar 2017 ciwon hanta nau'in E, wanda ke bin gurɓataccen ruwa, ya ɓarke a jihar Difa, kuma mafi yawan waɗanda ya kashe masu juna biyu ne. Mai cikin da idonta ya canza, ran nan za ta ga likita, ko da ranar kasuwa ce.

Mun san kuɗin mota daga ƙauyukan Illela ba wasa ba ne, barin rumfa kuma asara ce. Amma wanda ya iya tanadin ragon suna, ya ware wani abu saboda wannan tafiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya raya mana zuri'a, amin.