Shafin Ƙarshe Wurin Buƙata Ne, Godiya Kuwa da Baki Ake Yin Ta

A yawancin tarukan aiki da ake haska bayani da majigi, an san yadda jawabi yake ƙarewa tun kafin a fara shi. Mai gabatarwa zai bi shafukansa ɗaya bayan ɗaya, ya nuna alkaluma da hotuna, sannan ya danna na ƙarshe, kalma biyu su cika allo: "Na gode." A tafa masa, shugaban taro ya buɗe filin tambayoyi, a yi addu'a a watse. Bayan sati biyu sai a tarar ba abin da ya motsa. Kowa ya yaba da jawabin, amma ba wanda ya fita daga ɗakin da sanin abin da aka ɗora masa.

Ba ladabin mai jawabi ne ya jawo haka ba. Abin da ya faru shi ne ya ba godiya wurin da ya fi kowane wuri tsada a jawabinsa. Shafi na uku ko na bakwai yakan yi minti ɗaya ko biyu a allo ya wuce. Na ƙarshe kuwa shi ne yake tsayawa duk tsawon tambayoyi da muhawara, wani lokaci ya fi jawabin kansa daɗewa a gaban idon mutane. Shi ake kallo lokacin da ake yanke shawara, shi ne kuma yake da sauƙin ɗauka da waya domin ba ya gudu. Marigayi Farfesa Patrick Winston na jami'ar MIT a Amurka, wanda ya shafe shekaru yana gabatar da lacca a kan yadda ake jawabi, ya soki rufewa da shafin godiya ko na "akwai tambaya?" saboda wannan dalilin: ɓarnar fili ne. Shawararsa ga masu bincike ita ce su bar jerin gudummawar da aikinsu ya bayar. Ga wanda ya zo taro neman amincewa, ko kuɗi, ko sa hannu, abin da ya dace da wannan fili shi ne buƙatar da ta kawo shi.

Akwai wani tsohon bincike da yake nuna tazarar da ke tsakanin gamsuwa da aikatawa. A shekarar 1965 Howard Leventhal da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi da ɗaliban jami'ar Yale a kan allurar rigakafin tetanas. An raba wa ɗaliban takardun bayani, wasu masu tsoratarwa, wasu masu sauƙin lafazi. Tsoratarwar ta sa ɗalibai sun ƙara yarda cewa allurar tana da muhimmanci, amma ba ita ta kai su asibiti ba. Abin da ya kai su shi ne ƙarin da aka yi wa wani rukuni: taswirar jami'ar da aka zagaye asibitin a cikinta, da lokutan da ake yin allurar, da roƙon kowa ya duba jadawalinsa ya zaɓi lokacin zuwa. Kimanin kashi 28 cikin ɗari na wannan rukunin suka je, alhali a ɗaya rukunin kimanin kashi 3 ne kawai. Ɗaliban ba baƙi ba ne a jami'ar. Taswirar ta mayar musu da niyya ta zama tafiya mai rana da hanya. Aikin da ake so shafin ƙarshe ya yi ke nan.

A ɗauki misali na ƙiyasi. Ma'ajiyar wata makarantar al'umma ta tsaya gaban kwamitin amintattu. Makarantar tana kashe naira 400,000 kowane wata wajen sayen mai ga janaretan da ke tayar da famfon rijiyar burtsatse. Ta samo farashin kafa sola a kan naira miliyan 4.8, wato kuɗin man wata 12 ke nan, kuma mai kwangilar ya ce farashin nan zai tsaya ne zuwa 30 ga wata kawai. Ta yi bayani mai gamsarwa a shafi 10. Idan ta rufe da "Na gode", tambayoyi za su bi son ran masu tambaya. Wani zai tambayi kuɗin makaranta na zango mai zuwa, wani ya tuno da katangar da ta faɗi, shugaba ya ce za a duba. Ranar 30 ta zo ta wuce, farashi ya tashi. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Gyaran farko da mutane suka saba yi shi ne su rubuta wani abu kamar "Mu haɗa kai domin magance matsalar ruwa." Wannan ya fi godiya kama da buƙata, amma bai fi ta amfani ba. Ba wanda zai ƙi haɗa kai, kuma ba wanda zai iya cewa gobe da safe ya haɗa kan ko bai haɗa ba. Duk kalmar da ba za a iya tabbatar da an aikata ta ba, irin su "a duba", "a ba da goyon baya", "a yi la'akari", buri ce kawai. Kalmomin aiki su ne waɗanda suke barin shaida a baya: a amince, a sa hannu, a tura, a naɗa, a biya.

Shafin da zai yi wa ma'ajiyar aiki zai zo kamar haka:

> Ana neman amincewar kwamiti a zaman yau: naira miliyan 4.8 domin solar rijiyar makaranta
> Dalili: kuɗin mai na wata 12 ne zai biya ta.
> Sa hannu: Shugaban kwamiti da Sakatare, kafin Alhamis 25 ga wata.
> Farashin zai daina aiki ranar 30 ga wata.

Layi huɗu ne, kowanne da aikinsa. Na farko ya faɗi abu ɗaya tak da ake so, da adadinsa, da lokacinsa. Na biyu ya taƙaita hujjar jawabin duka a jimla ɗaya, domin wanda hankalinsa ya tafi wani wuri a shafi na shida. Na uku ya ambaci masu aikin da muƙamansu. Hausawa sun ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Mai buƙata a taro ma ya sani, sai dai kunya takan sa ya jefa maganar ga jama'a duka, kuma abin da aka ɗora wa kowa ba mai ɗaukarsa. Layi na huɗu ya bayyana inda wa'adin ya fito. Ranar da mai jawabi ya ƙaga da kansa ana iya ɗage ta, amma wadda aka ga tushenta tana da nauyi. An kuma sa ranar sa hannu kwana biyar kafin ƙarewar farashin, domin a bar wa banki da tafiyar shugaba sarari.

Jarabar da ke biyo baya ita ce tara buƙatu. Tunda ma'ajiyar ta samu kunnen kwamiti, za ta so ta ƙara gyaran katanga da sayen kujeru. Idan buƙatu biyar suka jeru, kwamiti yakan ɗauki mafi sauƙi ya amince da ita, ya tashi da jin cewa ya yi aiki, babbar kuwa ta koma zama na gaba. In lallai akwai matakai da dama, sai a fito da na farko da babban rubutu, sauran su bi shi a matsayin abin da zai biyo bayan amincewa.

Tsarin shafin ma yana iya kashe saƙon. Rubutun da ake karantawa a kwamfuta ba lallai a gan shi daga kujerar baya ba, don haka ya kyautu buƙatar ta zama ita ce kanun shafin, sauran layukan kuma kada girmansu ya gaza lamba 24. Idan aikin na cike fom ne aka sa lambar QR, ƙa'idar da masu ɗab'i suka saba bi ita ce faɗinta ya kai kashi ɗaya cikin goma na nisan mai ɗauka: wanda ke zaune mita 5 daga allo yana buƙatar ta kai kimanin rabin mita. A rubuta gajeren adireshi a ƙarƙashinta saboda wanda wayarsa ta ƙi. Akwai kuma wani tuntuɓe sananne a PowerPoint: dannawa ɗaya bayan shafin ƙarshe takan kawo baƙin allo mai sanar da ƙarshen nuni. Maganinsa a kwafi shafin ƙarshe sau biyu, yadda ko hannu ya zame buƙatar tana nan.

Hanyar gwada shafin mai sauƙi ce. A ɗauki hotonsa a tura wa abokin aikin da bai halarci taron ba, a tambaye shi wa zai yi me, kuma yaushe. Idan ya amsa ba tare da ya nemi ƙarin bayani ba, shafin ya tsaya da ƙafarsa. Gwajin ya dace da yadda al'amura suke tafiya, domin sau da yawa mai sa hannun ba ya ɗakin, wakilinsa ne zai tura masa hoton ta WhatsApp.

Akwai mai cewa wannan salo ya saɓa wa tarbiyya: yaya ƙaramin ma'aikaci zai rubuta wa manya abin da za su yi da ranar da za su yi shi? Damuwar tana da tushe, amma lafazi ne yake warware ta. "Ana neman amincewar kwamiti" roƙo ne, kuma shi ne harshen da takardun ofis suka saba da shi. Hikima ce kuma a nuna wa shugaban shafin kafin zama, kada ya fara ganin muƙaminsa da wa'adi a allo a gaban jama'a. Godiya kuwa ba a hana ta ba. Mai jawabi ya fuskanci mutane ya gode wa shugaba da mahalarta da bakinsa, wanda ya fi rubutu ɗumi da daraja, allo kuma yana riƙe da buƙatar a bayansa.

Ba kowane jawabi ne yake da mataki na gaba ba. Taron karramawa ko na bankwana ba ya neman sa hannun kowa, ɗalibin da ke kare kundin digirinsa kuma jerin abin da bincikensa ya gano ne ya fi dacewa ya bari a allo. Amma duk inda aka tara mutane domin wani abu ya canza, wahalar rubuta shafin ƙarshe alama ce da ya kamata a kula da ita. Idan ma'ajiyar ta zauna ta kasa rubuta layin farko, to ba ta riga ta yanke abin da take nema ba, kuma shafuka goman da ta shirya ba za su yanke mata ba. Shi ya sa ya fi kyau a fara rubuta shafin ƙarshe kafin kowane shafi, sannan a auna sauran da shi: wanda yake taimaka wa kwamiti ya amince da naira miliyan 4.8 kafin Alhamis ya zauna, wanda ba ya yin haka a cire shi.