Farin da muke yi wa guɗa

'Yan'uwa mazauna Alshajara, harshenmu yana yi mana ɓarna a ranar tarbar baƙo.

Wata baiwar Allah ta dawo daga Jidda bayan shekara 11 tana aikatau. Ba a gama gaisuwa ba gwaggonta ta tafa hannu: "Ke 'yar nan, kin yi fari, kin yi kumatu! Lallai ƙasa mai tsarki ta karɓe ki." Ba wanda ya dubi gaɓoɓin yatsunta da suka yi baƙi ƙirin, ko jijiyoyin da suka fito raɗau a kuncinta. Alamun man bilicin ke nan. Kumatun kuwa aikin ƙwayar kotizon ne, wadda ake kira Abu Najma a nan Sudan. Tana kumbura fuska, ta sirantar da fata, ta jawo ciwon suga da hawan jini. Wanda ya daɗe yana sha, in ya yanke ta rana ɗaya yana iya halaka. Sai likita ya riƙa rage masa sannu a hankali.

Za a ce yabo ne kawai na murna. To, 'yammatanmu suna bakin ƙofa suna saurare. Sun daɗe suna jin gori a kan launinsu a titunan Khartoum da Omdurman, yau ga shi sun ji daga bakin iyaye cewa baƙi wahala ne. Gobe kantin mai za su nufa.

Aya ta 22 a Suratur Rum ta lissafa saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah. Mu da muka haddace ta a allo, da wane baki muke yi wa ciwo guɗa? Wadda ta dawo, a tambaye ta lafiyarta.