Bagauda Bai Zo Da Kalanda Ba

Makon jiya wani ɗalibi ya kawo mini taƙaitawar da ya yi wa Tarihin Kano, littafin nan na sarakuna da aka rubuta da Larabci mai gauraye da tsofaffin kalmomin Hausa, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. Jimla guda ta tsayar da ni: "A shekarar 1349 malamai arba'in daga ƙasar Mali suka musuluntar da Kano." Jimlar ta yi daɗin karatu, amma a wurare huɗu ta faɗi abin da littafin bai faɗa ba.

Na farko, shekarar. Marubucin bai lissafa sarakuna da shekarun kalanda ba, tsawon mulkin kowane sarki yake bayarwa. Palmer ne ya tara waɗannan shekaru ya ƙirga da baya, har ya ɗora Bagauda a 999, Yaji kuma daga 1349 zuwa 1385. Littafin ya ce Wangarawa sun zo a zamanin Yaji, bai ce a shekarar da ya hau gado ba.

Na biyu, adadin. Littafin kintace ya yi, wajen mutum arba'in. Wanda ya share "wajen" ya mai da kintace ƙidaya.

Na uku, sunan ƙasar. Tsohuwar daular Malle ake nufi. In aka rubuta "ƙasar Mali" kawai, hankalin mai karatu Bamako zai tafi, da iyakokin da Turawan Faransa suka shata.

Na huɗu shi ne mafi nauyi. Littafin ya ce sarki ya karɓi baƙin, ya umarci a yi salla, aka gina masallaci. Amma ya kuma ce masu tsafi sun yi adawa, har ɗan Yaji, Kanajeji, ya koma neman nasara wurin tsafi. Wanda ya dunƙule wannan duka ya ce "suka musuluntar da Kano" ya yanke hukuncin da marubucin bai yanke ba.

Muka zauna muka gyara: "Littafin ya ce a zamanin Yaji, wanda Palmer ya ƙiyasta a ƙarni na 14, Wangarawa wajen arba'in suka zo daga daular Malle da Musulunci, sarki ya karɓa, ko da yake tsafi bai gushe ba." Ɗalibin ya yi ƙorafin cewa jimlar ta yi tsawo. Na ce haka ne, amma yanzu kowane yanki nata yana da mazauni a littafin.

Ga ma'aunin da na ba shi: ka ɗora yatsa kan kowace kalma ta taƙaitawarka, ka nemo inda ta fito. In ba ka samu ba, taka ce ko ta mai fassara, sai ka faɗi mai ita. Mai taƙaitawa ɗan aike ne, kuma ɗan aike ba ya ƙara wa saƙo gishiri.