Dillalin aiki da bai karanta takardar da ke hannunsa ba

A ɗauki misalin wata akanta a Kano, mai shaidar ƙwarewa ta ICAN, wadda ta yi shekara 9 tana binciken kuɗi na cikin gida har ta zama shugabar sashe. Shekara biyu da suka wuce ta miƙa wa wani kamfanin dillancin ma'aikata takardar tarihin aikinta. Tun daga nan kusan kowane mako sai saƙo ya shigo: yau kashiya a kanti, gobe jami'in talla a Legas, jibi aikin wata shida na mai shekara biyu da gama bautar ƙasa. Takan amsa da "na gode, zan duba", domin ba ta son a ce ta cika girman kai. Wannan amsar tana cikin abin da ya sa saƙonnin suka ƙi ƙarewa.

Ba ita take biyan dillalin ba, kuma daga nan komai ya samo asali. Kamfanin da ke neman ma'aikaci shi ne mai biyan la'ada, a mafi yawan yarjejeniyoyi kuwa ba a biya sai an ɗauki wanda dillali ya kawo. La'adar kan zama wani kaso na albashin shekarar farko: idan an yi yarjejeniya a kan kashi 15 cikin 100, albashin kuma naira miliyan 12 ne, dillali zai karɓi miliyan 1.8. Idan wani dillalin ya riga shi, ya tashi a tutar babu. Wanda yake cikin irin wannan tsere, tura saƙo ɗaya ga mutum 300 ya fi masa arha a kan ya zauna ya karanta takarda 30. Akwai dillalan da ake ba wani ɓangare na kuɗinsu tun farko don su nemo manyan shugabanni, su kam sukan karanta. Amma ba daga wajensu ruwan saƙonni yake zubowa ba.

Yadda sunanta ke faɗawa cikin mutum 300 ɗin ma ba asiri ba ne. Dillali yakan buga 'yan kalmomi a rumbun bayanansa, kamar haka:

```
account* AND (Kano OR Lagos)
```

Tauraron nan yana nufin a kawo duk kalmar da ta fara da waɗannan haruffa. Sai Accountant ya fito tare da Account Executive, alhali na farko mai lissafi ne, na biyu kuwa ɗan talla ne da ke kula da abokan ciniki. Haka nan idan a ƙasan takardarta akwai aikin kashiya da ta taɓa yi kafin ta samu shaidar ƙwarewa, binciken ba ya tambayar wace shekara ce. Kalmar tana nan, shi ke nan.

Saboda haka kafin a ɗora wa dillali laifi, akwai gwaji mai sauƙi. Idan shi kaɗai yake turo abin da bai dace ba, matsalar tasa ce. Idan kuwa dillalai uku ko huɗu da ba su san juna ba duk suna kawo mata aiki ƙasa da matsayinta, to takardar ce ke faɗa musu haka. Wataƙila taken da ke samanta ya tsufa, wataƙila ta lissafa ayyukan da take yi kullum ba ta faɗi mutum nawa take shugabanta ba ko wa take kai wa rahoto. A LinkedIn ma, sunayen muƙaman da mutum ya zaɓa a ƙarƙashin Open to Work dillalai suna ganinsu, kuma da yawa sun cike wurin tun suna neman kowane irin aiki, sun manta. Wani lokaci, duk da ɗacinsa, abin da ake turowa shi ne farashin da kasuwa ta yi wa takardar kamar yadda take a rubuce.

Idan an gyara wannan, abin da ya rage shi ne saƙo ɗaya tak, a rubuce, ta imel. Kiran waya ba ya barin shaida, kuma ma'aikatan irin waɗannan kamfanoni suna yawan sauyawa. Wanda ya gaji kujerar zai tarar da abin da ke cikin fayil ne kawai. Saƙon akantar zai iya zama haka: "Ina neman muƙamin shugaban sashen binciken kuɗi ko manajan kuɗi, a Kano, Kaduna ko Abuja, aiki na dindindin, albashin da bai gaza naira miliyan 14 a shekara ba. Ba na neman aikin talla ko na kashiya. Ga sabuwar takardata, a goge tsohuwar. Kada a miƙa ta ga kowane kamfani sai na amince a rubuce, bayan an gaya mini sunansa." Faɗin albashi yana yi wa wasu nauyi, amma shi ne ya fi saurin tace ayyuka, domin sunan muƙami yakan yi ƙarya: manaja a kamfani mai mutum 12 daban yake da manaja a banki.

Jimlar ƙarshe ta saƙon ta fi sauran muhimmanci. Saƙon da bai dace ba ɓata lokaci ne kawai, ana share shi a wuce. Haɗarin yana ga abin da ba a gani: dillalin da ke tura mata aikin da bai karanta ba, zai iya tura takardarta ga kamfanin da bai tambaye ta ba. A ce ya miƙa ta a matsayin ƙaramar jami'ar lissafi a wani kamfanin sarrafa abinci. Bayan wata huɗu kamfanin ya buɗe gurbin manajan kuɗi, ta nema da kanta. Sashen ma'aikata zai tarar da sunanta a rajista a ƙaramin matsayi, sannan yarjejeniyoyin dillanci sukan ba dillali haƙƙin la'ada na wasu watanni a kan duk wanda ya fara gabatarwa. Kamfanin da ba ya son biyan la'ada ko jayayya a kanta sai ya tsallake ta, ba kuma wanda zai gaya mata dalili. A gari irin Kano, inda manyan akantoci suka san juna, takardar na iya kaiwa ga aminin shugabanta na yanzu.

Bayan saƙon, a ba shi dama biyu. Dillalin da ya kira ya yi tambaya, ko ya yi shiru na wata uku sannan ya zo da aiki ɗaya da ya dace, ya cancanci a riƙe shi, domin wasu guraben ba a tallata su ko'ina sai ta hannun irinsa. Wanda ya sake turo aikin kashiya ya nuna cewa ba mai buɗe fayil ɗin. A nan toshe lambarsa bai wadatar ba, tunda takardar tana nan a rumbunsa. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ba mutum haƙƙin janye amincewarsa, da neman sanin waɗanda aka miƙa wa bayanansa, da neman a goge su; idan aka yi biris da shi yana iya kai ƙara ga Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa. Akantar za ta fara da neman sunayen kamfanonin da aka tura wa takardarta da ranakun turawar, sai ta karɓi amsa sannan ta nemi a goge, domin idan aka goge fayil ɗin tukuna, jerin sunayen ma ya tafi tare da shi.