La'ada a Kan Cinikin da Ba Ku Kawo Ba

Duk wanda ya taɓa zama a shago a Kantin Kwari ya san irin dillalin da 'yan kasuwa ba sa ko son ganin inuwarsa. Ba ya zuwa tasha, ba ya zagaya unguwanni. A bakin ƙofarka yake tsayawa. Da ya hango matar da ta shekara goma tana sayen atamfa a wurinka, sai ya karɓi jakarta, ya rako ta taku uku, ya miƙo hannu a ba shi la'ada. A kasuwa korarsa ake yi. A tallan intanet kuwa albashi ake biyansa duk wata, har a yi masa godiya. Wannan ne ya sa nake rubutu yau raina a ɓace.

Yayata tana sana'ar turaren wuta da humra a Kano, kuma kusan duk cinikinta ta WhatsApp ne. Ta ɗauki wani kamfanin talla ya nemo mata sababbin masu saye a Facebook da Instagram. Sababbi, haka ta faɗa musu da bakinta. Ta ware naira 300,000 na wata guda, ban da ladan aikinsu. Wata na ƙarewa suka turo rahoto: oda 120 ta shigo ta hanyar tallan, wato kowace oda ta ci naira 2,500. Ribarta a kan matsakaiciyar oda kusan naira 4,500 ce, don haka ta kira ni cikin murna. Abu ɗaya na tambaye ta: "Yaya, cikin mutanen nan, nawa ne ba ki taɓa sayar wa ba?"

Muka ɗauko littafinta, wanda take rubuta suna da lambar waya da ranar saye, muka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya har bayan isha'i. Mutum 78 tsofaffin kwastomominta ne. Wasu a makon da ya gabata suka saya. Akwai wadda ta shekara huɗu tana zuwa gidan da ƙafarta. Sababbi na gaskiya 42 ne. Raba 300,000 gida 42, ka ga kowace sabuwar mai saye ta tsaya mata a kan naira 7,100 da 'yan kai. Abin da aka nuna mata a matsayin riba, faɗuwa ce ta fiye da naira 2,500 a kan odar farko ta kowace sabuwa.

Da ta kira yaron da ke kula da tallan, cewa ya yi: "Hajiya, ai ciniki ciniki ne." Ba na yafe wannan amsar. Ciniki ciniki ne a aljihun mai kaya, amma ba shi aka ɗauke ka ka kawo ba. Matan nan suna da lambar Yaya a wayoyinsu. Abin da ya faru kawai, suna cikin duba Instagram suka ga hoton turaren da suka sani, suka tuna nasu ya kusa ƙarewa, suka taɓa maɓallin da ke buɗe WhatsApp domin ya fi sauƙi a kan laluben lamba. Ban ce babu ko ɗaya da tallan ya zaburar ba. To amma tunatarwa irin wannan Yaya tana yin ta a status ɗinta ba ta biya sisi ba.

Dole a fahimci dalilin da ya sa hakan ke faruwa, domin ba tsautsayi ba ne. Idan ka ce wa manhajar tallan Meta ta samo maka masu turo saƙo ko masu saye a farashi mafi sauƙi, za ta nemi mutanen da suka fi kusa da aikata hakan. Wa ya fi kusa da sayen turarenka a kan wadda ta saya ta ji daɗinsa? Ita ce ke tsayawa a kan hotonka, ita ke kallon bidiyonka har ƙarshe. Manhajar na ganin haka sai ta ƙara tura mata, ta ƙara tura wa irinta. Ba ta san littafinka ba sai ka nuna mata. Aikin nuna mata littafin kuwa na wanda aka ba amanar kuɗin ne.

Kuma wannan ba sabon ilimi ba ne. A 2012 kamfanin eBay ya gwada dakatar da tallan da yake saye a kan sunansa a wasu injinan bincike, sai aka ga kusan duk mutanen sun ci gaba da shigowa ta mahaɗin kyauta da ke ƙasan tallan. Masana tattalin arziki uku, Thomas Blake da Chris Nosko da Steven Tadelis, sun buga sakamakon a mujallar Econometrica a 2015. Sun nuna cewa tallan yana tasiri a kan sababbi da waɗanda ba su cika saye ba, amma mafi yawan kuɗin a kan masu saye kullum yake tafiya, waɗanda ko babu talla za su zo. Shekara goma ke nan da wani abu. Duk mai kiran kansa ƙwararre da ya ce bai san wannan ba, bai cancanci riƙe katin bankin kowa ba. Wanda ya sani ya yi shiru kuwa, amana ya ci.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganin bai kai aikin awa ɗaya ba. A `Ads Manager` ana shiga `Audiences`, a ƙirƙiri `Custom Audience` daga `Customer list`, a ɗora lambobin waɗanda suka taɓa saye. Sannan a cikin tallan neman sababbi a sa wannan jerin a gurbin waɗanda za a cire. Meta tana sauya lambobin zuwa wani rubutu a murɗe kafin ta gwada su da na masu asusu, duk wanda ya dace sai a daina nuna masa wannan tallan. Inda mutane ke yawan tuntuɓe shi ne yadda ake rubuta lambar. Mu a littafi da sifili muke farawa, alhali ana son lambar ƙasa a gaba: a cire sifilin farko, a sa 234. Haka kuma Excel kan haɗiye sifili ko ya lanƙwasa doguwar lamba idan ba a mai da gurbin na rubutu ba. Ka ɗora gurɓataccen jeri, kaɗan ne za su dace, kana zaune kana zaton ka toshe ƙofa.

Wasu masu tallan za su ce ai sun cire masu saye ta hanyar `Pixel`, wato ɗan lambar da ake dasawa a shafin intanet ya riƙa lura da masu shiga. Wannan yana da amfani ga mai shafin da ake biya a cikinsa, amma akwai iyakar kwanakin da yake riƙewa, kuma tun da Apple ta fitar da iOS 14.5 a 2021 ganinsa ya ragu a kan masu iPhone. Ga mai sana'a irin Yaya kuwa makaho ne gaba ɗaya. Ana ciniki a WhatsApp, a tura kuɗi ta banki, ɗan sahu ya kai kaya. Ina `Pixel` zai ga wannan? Littafin nan nata shi ne kaɗai shaida, kuma dole a sabunta jerin duk mako, domin wadda ta saya ranar Talata ta daina zama sabuwa ranar Laraba.

Barin wannan sabuntawar ya taɓa jawo wa Yaya abin da ya fi asarar kuɗi ciwo. Tallan yana ɗauke da rangwamen kashi 15 cikin ɗari ga mai sayen farko. Wata da ta biya cikakken farashi kwana biyu kafin nan ta gan shi, ta turo hotonsa da kalma biyu: "Mun gode." Ba ta sake saye ba. Da kuɗinta Yaya ta sayi ɓacin ran mai ƙaunar kayanta.

Tsawon lokacin da za a cire mutum ya danganta da kaya. Mai sayar da katifa ko batirin sola, wanda ya saya bana ba shi da abin yi da tallanka sai bayan shekaru. Turare kuwa yana ƙarewa cikin wata ɗaya ko biyu, don haka tsohuwar kwastoma tana bukatar a tuna mata, amma a wani tallan daban mai kuɗinsa daban da lissafinsa daban, ko ta status da saƙon kai tsaye. Wadda ta yi shekara biyu ba ta leƙo ba, kana iya yanke cewa ta koma baƙuwa ka cire ta daga jerin. Hukuncin mai kaya ne, kuma dole a tambaye shi. A Google ma haka abin yake: wanda ya rubuta sunan shagonka a akwatin bincike ya riga ya san ka, sai a sa sunan cikin `negative keywords` na tallan neman sababbi.

Lambobin nan amana ce. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe su nauyi, don haka ka sanar da masu saye abin da kake yi da lambarsu, ka ɗora jerin a asusun tallanka na kanka. Kada ka tura wa wani yaro fayil ta WhatsApp ya ajiye a wayarsa, gobe ya tallata wa kishiyar sana'arka a kan mutanenka.

Mun gyara lambobin, mun ɗora, mun sake zuba naira 300,000 a wata na gaba. Oda 61 ta shigo ta tallan. A rahoto kowace oda ta tashi daga 2,500 zuwa kusan 4,900, kuma a nan na gane dalilin da ya sa masu talla ke gudun wannan aiki: yana munana takardar da suke karɓar albashi da ita. Amma a littafi sababbi 52 ne, kowace a kan kusan naira 5,800. Tara tsofaffi ne da suka zille, domin wata da layin MTN take oda alhali da na Airtel ta buɗe Facebook, wata kuma da wayar maigidanta take kallo. Jerin ba ya kama kowa, shi ya sa gwada lambobin masu oda da littafi ya zama aikin kowace Asabar. Sauran tsofaffin sun ci gaba da aiko da odarsu kai tsaye kamar yadda suka saba, ko da yake wata guda bai isa a yanke hukunci a kansa ba.

Naira 5,800 har yanzu ta fi ribar odar farko. Sai sabuwar ta dawo karo na biyu Yaya ke fita. Yanzu ta san haka, ta rage kuɗin tallan zuwa rabi, ta kuma buɗe sabon shafi a littafin tana ƙirga nawa daga cikin 52 ɗin nan suka dawo. Kamfanin tallan ta sallame su. Wanda ta ɗauka a madadinsu ta gindaya masa sharaɗi tun ranar farko: rahoton da bai raba sabuwa da tsohuwa ba, ba za ta karanta ba, kuma ba za ta biya ladan watan ba.