Filin Lissafi: Awa Ba Naira Ba Ce

A wannan mako za mu duba wani kuskure guda ɗaya da yake ka da yara a jarrabawa, yake kuma cinye kuɗin manya a wajen aiki, alhali kuwa duk sun iya tarawa da ɗebewa da rabawa. Kuskuren shi ne ɗaukar ƙa'idar naira da kwabo a ɗora wa agogo, ko a ɗora wa fili.

Kafin ran 1 ga Janairu, 1973, kuɗinmu fam ne da sule da kwabo. Kwabo 12 ne sule guda, sule 20 kuma su ne fam guda. Ɗan makaranta na wancan zamani ya sha wahala, amma wahalar ta koya masa abu guda: kafin ya yi aro a lissafin ɗebewa sai ya tsaya ya tambayi kansa, nawa zan aro a nan, 12 ko 20? Da aka kawo naira mai kwabo 100 sai lissafin kuɗi ya zama na goma-goma. Naira 2 da kwabo 30 a rubuta 2.30, shi ke nan. Ko da yake yau kwabo ya yi wuyar gani a kasuwa, yana nan a takardar banki, kuma ƙa'idar ta zauna a kan kowa daram. To, sai dai kuɗi aka canja, ba a canja agogo ba. Awa tana nan da mintinta 60.

Ga tambaya irin wadda akan yi wa 'yan aji shida. Wata mota ta tashi daga Kano da ƙarfe 8 da minti 50 na safe, ta isa Zariya da ƙarfe 11 da minti 20. Mu ƙaddara nisan kilomita 150 ne don sauƙin lissafi. Kilomita nawa take ci a awa guda?

Tambayar da kanta ta faɗi abin da za a yi. "Kilomita nawa a awa guda" yana nufin a raba kilomitocin bisa awoyin. Kilomita an ba mu, 150. Saura awoyi, a nan kuwa ramin yake.

Yaro mai gaggawa zai rubuta 11.20, ya rubuta 8.50 a ƙarƙashi, ya ɗebe kamar mai ba da canji, ya sami 2.70. Abin da ya faru shi ne da ya ga 50 ba ta fita cikin 20, ya ari ɗaya daga 11 ya mai da ita 100. Amma abin da ya aro awa ce, minti 60 ke nan. Daidai shi ne ƙarfe 11 da minti 20 ya koma ƙarfe 10 da minti 80. A cire 8 daga 10, saura 2. A cire 50 daga 80, saura 30. Awa 2 da minti 30.

Ni dai na fi son yaro ya bi hanyar da direba yake bi a ka, don ba ta da aro ko kaɗan. Daga 8 da minti 50 zuwa ƙarfe 9, minti 10. Daga 9 zuwa 11, awa 2. Daga 11 zuwa 11 da minti 20, minti 20. A haɗa, awa 2 da minti 30. Wanda ya saba da wannan da wuya ya ɓata.

An tsallake rami na farko, ga na biyu nan a gaba. Yaro ya sami awa 2 da minti 30, sai ya rubuta 2.30, ya raba 150 da ita, ya sami 65 da ɗoriya. Ya sake mai da awa naira. Minti 30 rabin awa ne, rabi kuwa a lissafin ɗigo 0.5 ne, kamar yadda rabin naira yake kwabo 50. Saboda haka awa 2 da minti 30 ita ce 2.5. A raba 150 da 2.5, a sami 60. In rabawa da ɗigo ta yi nauyi, sai a ninka duka biyun sau biyu: kilomita 300 a awa 5, watau dai 60. Amsa, kilomita 60 a awa guda. A rubuta ta haka cikakkiya, kada a bar 60 tsirara, don 60 kawai ba ta gaya wa kowa ko buhu ake nufi ko tumaki.

Yaya mutum zai gane ya yi kuskure tun malami bai ja masa jan biro ba? Sai ya hau motar da amsarsa ya ga inda za ta sauke shi. In gudun 65 ne, awa 2 ta ba da kilomita 130, rabin awa ya ba da 32 da rabi, jimla 162 da rabi. Motar ta wuce Zariya da kilomita 12 da rabi ke nan. In kuwa 60 ne, awa 2 ta ba da 120, rabin awa 30, jimla 150, a tasha daidai. Wannan gwaji bai fi minti guda ba, amma yara ƙalilan ne ake koya wa shi.

Ƙa'idar mai da minti awa ita ce a raba mintin da 60. Minti 15 shi ne 0.25, minti 45 kuma 0.75. Abin da ya fi amfani a haddace shi ne kowane minti 6 daidai yake da 0.1 na awa. Daga nan minti 12 ya zama 0.2, minti 24 ya zama 0.4, har zuwa sama. Minti 20 shi ne mai gardama, don ba ya ƙarewa a ɗigo, ukku-ukku ne za su yi ta biyo juna ba iyaka. In an gamu da shi gara a bar shi a sulusin awa, ko kuwa a mai da lokacin duka minti a yi aiki da shi.

Haddar nan tana da rana in tambaya ta juyo ta baya. A ce mota tana cin kilomita 60 a awa, za ta yi tafiyar kilomita 144, ana son lokaci. A raba 144 da 60, a sami 2.4. Wani ya karanta awa 2 da minti 4, wani ya ce da minti 40. Duk ba su samu ba. Huɗun nan da ke bayan ɗigo minti shida-shida ne har sau huɗu, watau 24. Na'urar lissafi ta cikin waya ba za ta faɗa maka wannan ba, 2.4 za ta nuna ta yi shiru.

Kada a zaci abin na 'yan makaranta ne kaɗai. Mu ƙaddara mai injin ban-ruwa ya ba wani manomin rani haya a kan naira 4,000 kowace awa, injin ya yi aiki awa 3 da minti 45. Aka ɗauko waya aka buga 3.45 sau 4,000, ta ba da naira 13,800, aka biya, kowa ya tafi yana murna. Alhali minti 45 kashi uku ne cikin huɗu na awa. Awa 3 naira 12,000, kashi ukun nan naira 3,000, jimla naira 15,000. Mai inji ya yi asarar naira 1,200 ba wanda ya cuce shi da gangan. A lura kuma, wannan kuskure kullum gefe guda yake karkata: yana rage lokaci, bai taɓa ƙara shi ba, don ya ɗauki mintin a kan ɗaya cikin 100 maimakon ɗaya cikin 60. Wanda ake biya bisa awa shi ne mai kwana a ciki.

Sai mu koma kan fili. A nan tarkon ya fi ɓoyuwa, don mita guda santimita 100 ce, daidai da naira da kwabo. Muddin tsawo kaɗai ake aunawa, kamar igiya ko yadi, ba wata matsala. Da zarar an ce faɗin wuri, watau murabba'i, ƙa'ida ta sauya, don ana auna tsawo ana kuma auna faɗi.

Ga misali. Ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3 da santimita 50 za a sa wa tayil. Kowane tayil santimita 50 ne ta kowane gefe. Guda nawa za a saya?

Da fari a daidaita awo. Mita 3 da santimita 50 ita ce mita 3.5, a nan ɗigon halal ne. Sai a ninka 4 sau 3.5, a sami murabba'in mita 14. Yanzu tayil nawa ke rufe murabba'in mita guda? Mai gaggawa zai ce biyu, tun da santimita 50 rabin mita ce, ya sayo 28. Rabin ɗakin kurum zai rufe. A zana a ƙasa a gani: biyu a jere ta tsawo, biyu ta faɗi, huɗu ke nan. Saboda haka 14 sau 4, tayil 56. Gwajinsa shi ne a ƙirga layi-layi. Ta tsawon mita 4 tayil 8 za su jeru, ta faɗin mita 3 da rabi 7 za su jeru, 8 sau 7 kuwa 56. Wannan amsar takarda ce. Mai aiki zai ce a ƙara 'yan kaɗan saboda fashewa da yanka, kuma yana da gaskiya, amma a jarrabawa kada a ƙara sai an ce a ƙara.

Haka abin yake a gona. Hekta guda fili ne mai mita 100 ta tsawo da mita 100 ta faɗi, watau murabba'in mita 10,000. Gona mai mita 150 da mita 80 tana da murabba'in mita 12,000, hekta 1.2 ke nan. In malamin gona ya ce a sa buhu 5 na taki a kowace hekta, buhu 6 za a nema. Wanda ya raba 12,000 da 1,000, don ya tuna da kilomita, zai ce gonarsa hekta 12 ce, ya doshi buhu 60. Sai dai a sani, ninka tsawo da faɗi yana aiki ne in kusurwoyin fili huɗu a miƙe suke kamar na ɗaki. Gonakinmu da yawa ba haka suke ba, wata ta tsuke ta gabas, wata kwari ya cinye mata gefe. Irin wannan sai an yanka ta gida-gida a takarda, a auna kowane yanki dabam, sa'an nan a tara.

Ga aikin wannan mako, a gwada wa yara a gida, manya ma kada su ji kunya. Wata babbar mota ta tashi da ƙarfe 6 da minti 40 na safe, ta isa da ƙarfe 10 da minti 16. A hanya direba ya tsaya minti 24 ya karya kumallo. Nisan tafiyar kilomita 160 ne. Kilomita nawa motar take ci a awa guda sa'ad da take tafiya? A cire lokacin kumallo tukuna, kuma a gwada amsar kafin a ajiye biro. Za mu warware ta mako mai zuwa in Allah ya kai mu.