Ba kowane farin ruwa ne madara ba

Abin da ke faruwa a kantunan Maraɗi yana ɓata mini rai ƙwarai. An jera kwalaye da kwalabe na wani farin ruwa da aka yi da waken soya, ko almon, ko hatsin nan na Turawa da ake kira ot, an ajiye su kusa da madarar shanu, mai kanti kuma yana kiran su duka madara. Uwa ta shigo da kuɗin da ta sha wahalar tarawa, ta ga hoton ganye da lafiyayyen yaro a jikin kwali, ta saya da zuciya ɗaya tana ganin ta yi wa ɗanta gata. Ba wanda ya ce mata ta juya kwalin ta duba bayansa, alhali gaskiyar abin tana can, da ƙananan baƙaƙen Faransanci ko na Ingilishi waɗanda ko mai ilimin boko sai ya ƙanƙance ido.

A garin da ya ga yunwar 2005 ake wannan. Duk wanda ya yi wayo a lokacin ya tuna yadda cibiyoyin kula da tamowa suka cika da yara daga Tibiri, daga Jiratawa, daga ƙauyukan gefen gulbi, har ƙungiyar likitocin nan marasa iyaka ta faɗaɗa aikinta a Maraɗi. Abincin da aka ceto yaran da shi, wannan gyaɗar da ke cikin 'yar leda, akwai garin madarar gaske a cikinsa. Mu ne ya kamata mu fi kowa sanin bambancin abin da ke gina jikin yaro da abin da ke cika masa ciki kawai.

A Turai ma, inda ake yin wasu daga cikin kwalayen nan, kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a 2017 cewa ba a sayar da ruwan soya da sunan madara. Shi ya sa za ka ga an rubuta abin sha a jikin kwalin. Sai ya ƙetaro teku ya iso gare mu, sunan da aka hana shi can ya dawo masa a bakin mai kanti.

Mu fara da ma'auni. Kowane mililita 100 na madarar shanu yana da kalsiyam kimanin miligiram 120, wato sinadarin da ke gina ƙashi da haƙori, da furotin giram uku da ɗan abu. Kofi guda na mililita 250 ke nan yana ba yaro kalsiyam miligiram 300 da furotin giram takwas. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku yana buƙatar kalsiyam wajen miligiram 500 a yini, ka ga kofi ɗaya ya ɗauke masa fiye da rabi. Ruwan soya da ba a ƙara masa komai ba da wuya ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan kalsiyam. Na ot da na almon ma ba su da wani abin kirki na kansu. In ka ga kwali yana da 120, to zuba masa aka yi a masana'anta, kuma babu laifi a hakan, jiki yana amfana da shi. Laifin shi ne kwalin da aka ƙara wa da wanda ba a ƙara wa ba kamarsu ɗaya daga gaba. Nemi kalmar calcium a jadawalin da ke baya, rubutunta ɗaya ne da Faransanci da Ingilishi. In akwai lamba 120 a gabanta, madalla. In layin babu shi kwata-kwata, ka ɗauka babu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kwalin da aka rubuta wa bio, wanda ake tsawwala wa kuɗi, mutane kuma suna ganin shi ne na manya. Dokar Turai ba ta yarda a ƙara ma'adinai a irin wannan ba, kuma a 2021 kotun nan ta hana har da garin wata ciyawar teku da wasu kamfanoni ke zubawa don kalsiyam. Sau da yawa, wanda ya fi tsada shi ne wanda ba ya da komai na ƙashi. Ko wanda aka ƙara wa ma, kalsiyam ɗin gari ne, yana kwanciya a gindin kwali. In ba a girgiza sosai kafin a zuba ba, yaro ya sha ruwan sama, amfanin ya tafi bola da kwali.

Sai sukari. Ɗauki kwalbar soya mai zaƙi ta mililita 300, irin wadda ake sha da sanyi a tasha ko a saya wa yaro bayan an tashi makaranta. A jadawali akwai layin da aka rubuta sucres, ko makamancinsa da Ingilishi in kayan ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa suka shigo. A ce ka ga lamba 7. Wannan na mililita 100 ne kawai, kwalbar kuwa ninkinsa uku ce, saboda haka giram 21 yaron ya sha, fiye da ƙaramin cokali biyar na sukari. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce giram 50 a yini, in da hali ma ya tsaya a 25. Babba ke nan. Yaron da bai kai makaranta ba ya kusa shanye rabon ubansa a zama ɗaya, uwarsa kuwa tana murna ya sha madara. Wasu kamfanonin ma ba sa rubuta lissafin a kan mililita 100, sai su rubuta shi a kan wani ƙaramin kofi da suka zaɓa da kansu don lambar ta fito ƙarama. Duba saman jadawalin ka ga a kan wane ma'auni aka yi lissafin kafin ka yarda da kowace lamba.

Za a ce mini ai madarar shanu ma tana da sukari. Tana da shi, kusan giram biyar, amma na halittarta ne, kuma hukumar lafiyar ba ta sa shi cikin wanda ta ce a rage ba.

Na ot yana da tasa dabarar, kuma masu ciwon sukari nake jiye wa. Za ka ga an rubuta da manyan baƙaƙe sans sucres ajoutés, wato ba a ƙara sukari ba. Ba ƙarya suka yi ba, amma ba su faɗi duka ba. A masana'anta ana zuba wa kunun hatsin wani sinadari da ke narka sitaci ya koma sukari, kamar yadda tsiron dawa ke sa kunun zaƙi ya yi zaƙi ba tare da an jefa ko ƙwaya ɗaya ba. Shi ya sa a baya za ka tarar da giram uku ko huɗu a kowane mililita 100, kuma irin sukarin da ke saurin shiga jini ne. Dattijon da likita ya hana shan zaƙi, 'ya'yansa suka sayo masa wannan don ƙauna, gara su karanta lambar baya su manta da alkawarin gaba.

Jerin kayan haɗi shi ne wurin da kamfani ba ya iya ɓuya, domin ƙa'ida ita ce a fara da abin da ya fi yawa, a bi da na ƙasa da shi. A kwalin almon za ka karanta ruwa, wani lokaci sukari ya biyo, sannan almon kashi biyu ko uku cikin ɗari. Kashi biyu cikin ɗari na lita guda giram 20 ne, bai cika tafin hannu ba. Furotin ɗin kofi guda wajen giram ɗaya ne, inda madarar shanu ke da takwas. Wa ya yarda ya biya kuɗin lita a kan wannan in da an gaya masa? A na ot kuma hatsin kimanin kashi goma ne, sai kalmar huile ta biyo, wato mai, galibi na wasu tsirrai da ake nomawa a Turai, an zuba shi don ruwan ya yi kauri da santsi a baki ya yi kama da madara. Man ba guba ba ne, giram ɗaya da rabi zuwa uku ne a kowane mililita 100. Amma ina so mai saye ya san cewa maiƙon da yake ji mai ne aka zuba, kuma mai ba ya ƙara wa yaro kalsiyam ko furotin.

Wannan zancen mai bai tsaya ga kwalayen masu kuɗi ba, yana teburin mai shayi kowace safiya. Garin madara mai araha da ake shigowa da shi cikin manyan buhuna, da yawansa an cire masa man shanunsa an sayar daban, an maye gurbinsa da man kwakwar manja, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin garin. A jikin buhun an rubuta. Amma kafin ya iso hannun mai saye an ƙulla shi a farar leda ba suna ba bayani. Kalsiyam ɗinsa yana nan, ban ce babu amfani a cikinsa ba, amma da sunan cikakkiyar madara ake sayar da shi, kuma shi ne ke karya kasuwar Bafulatanar da ta ɗauko ƙwarya tun asuba. Saboda irin wannan ne makiyayan Afirka ta Yamma suka fara gangamin kare nonon gida a 2018.

Ba yaƙi nake da waken soya ba. Awara tana ciyar da gidaje da yawa a garin nan, kuma cikin ukun nan ruwan soya ne kaɗai furotin ɗinsa ya kusa na madara. Wanda madara ke ɓata wa ciki, ko yaron da likita ya tabbatar jikinsa ba ya karɓar ta, soya marar sukari da aka ƙara wa kalsiyam ita ce mafi dacewa. Kunun aya da kunun gyaɗa kuma ba su taɓa yaudarar kowa ba, kunu muke kiran su.

Jariri kuwa ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Faransa ta yi gargaɗi a 2013 cewa kada a ba ɗan ƙasa da shekara ɗaya irin waɗannan a madadin nonon uwa ko madarar jarirai, bayan an kwantar da jarirai a asibiti da tamowa mai tsanani saboda su. Mu nan wa ya gaya wa uwar da nononta ya yi ƙaranci, ta ga kwalbar soya ta fi gwangwanin madarar jarirai araha?

Ina kira ga ma'aikatun lafiya da kasuwanci da hukumar da ke kula da ingancin kaya: a tilasta duk wanda ke ɗura ruwan soya a gora don sayarwa, ko yake ƙulla garin madara a leda, ya manna takarda mai faɗin abin da ke ciki da yawan sukari. A sa gidajen rediyon Maraɗi su yi bayanin nan da Hausa, ungozomomi su faɗa a wurin awo. Garin da duniya ta san shi da jar akuya bai kamata a ce 'ya'yansa suna shan ruwa da sukari da sunan madara ba. Ke kuma uwa, kafin ki miƙa kuɗinki, juya kwalin ko ki sa ɗan makaranta ya karanta miki: kalsiyam ya kai 120, sukari nawa ne, mene ne na biyu a jerin kayan haɗi. In mai kanti ya ƙi bari ki duba, ajiye masa kayansa.